Kuɗi hannu, bashi ko kayan amana: wanne mai shagon atamfa zai nema wajen dilansa na Kwari?

Duk mai shagon atamfa a cikin unguwa, ko a Ɗorayi yake ko Hotoro ko Kurna, ya san kantar nan ta sama da ba ya son ɗaga ido ya kalla. Nan turamen da suka yi kwantai suke jere, kalar da aka yi yayinta wata huɗu baya, kuɗi ne zunzurutu amma sun yi barci. A irin wannan lokaci ne wani zai ba ka shawara, ya ce ka je ka samu dilanka a Kantin Kwari ya riƙa ba ka kaya kana sayarwa kana kai masa kuɗi, abin da ya ƙi tafiya ka mayar masa. Shawarar tana da daɗin ji. Sai dai kafin ka saɓa babbar riga ka nufi Kwari, ya kamata ka san abin da za ka roƙa, domin kalmar "ka sayar ka kawo" ma'ana uku gare ta a bakin 'yan kasuwa, kuma na ga mutane biyu sun rabu baram-baram saboda kowa da tasa ma'anar ya tashi daga zaman.

Hanyoyi huɗu zan gwama: sari kuɗi hannu, sari bashi zuwa wata rana, kayan amana da farashin dila a tsaye, da kayan amana a kan la'ada. Biyun ƙarshe su ne ainihin tsarin da mai shago ba ya biyan komai sai abin da ya sayar.

Ma'aunin da za a auna su da shi

Na farko shi ne nawa turmi zai zauna maka. Na biyu, kuma shi ne uwa uba, kayan na wane ne a lokacin da suke kan kantarka? Amsar wannan tambaya ce take raba gardamar kwantai da gobara da sata da tashin farashi, duk a lokaci guda. Na uku shi ne wahalar da tsarin zai ɗora maka ta rubutu da ƙirga da zirga-zirga. Na huɗu, ƙarkon tsarin, wato zai kai shekara ana yi ko wata biyu za a yi a ɓata.

Don kada maganar ta tsaya a iska, ga misali guda da za mu bi har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, kowa ya cire su ya sa na kasuwar ranar da yake karatu. Mai shago yana son turmi 60 na atamfa matsakaiciya, kowane turmi yadi shida. Kuɗi hannu dila yana bayarwa a naira 10,000. A unguwa ana sayarwa 13,000. Cikin mako shida a ce an sayar da 42, saura 18. Wanda ya yi kwantai kuwa, in ana son rabuwa da shi sai an karya shi zuwa 8,000.

Kuɗi hannu

Ka zube 600,000, ɗan dako ya kai maka kaya bakin titi, an gama magana. Babu mai kiran wayarka ranar Litinin. Kai ne kake zaɓar kala da hannunka, kuma dila yana buɗe maka sabuwar dila ka tsinci masu kyau, abin da ba ya yi wa mai karɓar bashi. Ribar turmi 42 a kan 3,000 ta kama 126,000. Turmi 18 da aka karya an yi asarar 2,000 a kowane, 36,000 ke nan. Abin da ya rage a aljihu 90,000.

Haɗarin duka naka ne, amma ribar tashin farashi ma taka ce. Waɗanda suke da kaya nasu na kansu a shago lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, har dala ta haura 1,500 a farkon 2024, sun ga kayan da suka saya jiya sun fi kuɗinsu yau ba tare da sun motsa ba. Matsalar wannan hanya ɗaya ce: jarinka ne iyakar shagonka. Mai 600,000 turmi 60 zai jera, mace ta shigo ta duba ta ce ba kalar da take so, ta wuce shagon gaba.

Bashi zuwa wata rana

Wannan shi ya fi yawa a kasuwa, kuma shi ne mutane suke ɗauka amana ce alhali ba ita ba ce. Dila ya ba ka turmi 60 a 10,500, ya ce ƙarshen wata ka kawo. Daga lokacin da kayan suka bar shagonsa sun zama naka, shi kuɗi yake bin ka, 630,000 cif. Ka sayar ko ba ka sayar ba, ba ruwansa.

Ga inda gizo yake saƙa. Kaya suna buƙatar mako shida, wa'adi kuma kwana talatin ne. Ranar da wata ya cika ƙila ka sayar da turmi 28, wato 364,000 ne a hannunka, ana bin ka cikon 266,000. Daga nan sai ɗayan biyu, ko ka karya kayan da ba su isa karyawa ba, ko ka shiga kwasar adashe da rance don ka fita kunya. In an bi lissafin har ƙarshe, ribar 42 a kan 2,500 ta ba da 105,000, asarar 18 a kan 2,500 ta cinye 45,000, saura 60,000. Ka biya ƙarin farashi, kuma kwantai yana wuyanka. A cikin hanyoyin huɗu, a ganina wannan ce ta fi tsada ga kayan da ba ka da tabbacin tafiyarsu. Tana da amfani ne kawai in kasuwa tana gudu, kamar goman tsakiyar azumi zuwa jajiberin Sallah, lokacin da kaya suke ƙarewa kafin wa'adi ya zo.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Wani dila da muka shekara uku muna hulɗa ya ce mini, "Ɗauka ka je ka sayar, in Allah ya kawo kasuwa ka kawo." Na ɗauka ke nan abin da ya rage zan dawo da shi. Bayan wata biyu na shigo da turmi goma sha ɗaya a buhu, ya dube ni ya dubi buhun, ya ce, "Malam, ai ni kuɗi nake jira, wannan kalar ko a nan ta daina tafiya." Bai yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Shi jinkirin biya yake nufi, ni kuma mayarwa na ji. Babu takarda, babu shaida, sai na mayar da buhuna cikin adaidaita sahu na koma.

Amana da farashin dila a tsaye

A nan kayan na dila ne har zuwa lokacin da mai saye ta biya. Ya ce kowane turmi da ya fita ka ba shi 11,000, abin da ka samu a sama naka ne, wanda bai fita ba cikin mako shida ka dawo masa da shi. Turmi 42 a kan 2,000 ya ba da 84,000. Ka cire kamar 3,000 na dako da motar mayar da saura, ya rage 81,000, kuma ba ka saka ko sisi na jarinka ba.

Ka lura 81,000 bai kai 90,000 na kuɗi hannu ba. Mutane suna zaton kayan amana kyauta ne, alhali naira dubun da aka ɗora a kan kowane turmi kuɗin sayen kwanciyar hankali ne, kuma kana biyansa a kan duk wanda ka sayar. Hanyar gane ko ya cancanci biya mai sauƙi ce. Ka ninka ƙarin farashin da yawan abin da kake sa ran sayarwa, ka ninka asarar karyawa da yawan abin da zai kwanta, ka ga wanne ya fi girma. A misalinmu, in an ajiye 3,000 na mayar da saura a gefe, suna yin kunnen doki a turmi 40 cikin 60: ƙarin 1,000 sau 40 ya zama 40,000, asarar 2,000 sau 20 ita ma 40,000. Ke nan kayan da ka tabbata fiye da biyu cikin uku za su tafi, saye ya fi maka. Wanda kake shakkar ko rabi zai tafi, amana ta fi. In 30 kawai aka sayar, mai kuɗi hannu 30,000 zai tsira da ita, mai amana 57,000.

Amma akwai abin da wannan lissafi bai nuna ba, shi ne jarinka na 600,000 yana nan ka sari shadda ko yadin maza da shi. Amana ba ta maye gurbin jari, ƙari take a kansa, shago ya cika ido, mai neman anko ta sami zaɓi.

Ragin da mai saye ta nema daga ribarka yake fita. In ta taya 12,000 ka sallama, 1,000 ka samu, shi dila 11,000 ɗinsa ba ta girgiza.

Ta fuskar addini malamai sun yi magana a kan wannan siga ta "sayar a kaza, abin da ya hau naka ne". An ruwaito halaccinta daga Ibn Abbas, Imam Ahmad ma ya tafi a kai, amma malaman Malikiyya suna ƙyamarta saboda ladan wakili bai zama sananne ba tun farko. Wanda wannan ya dame shi, hanya ta huɗu ta fi masa tsabta.

Amana a kan la'ada

Dila ne yake yanka farashin sayarwa, a ce 13,000, kai kuma kana da 1,500 a kan kowane turmi da ya fita, kuma yawanci shi yake ɗaukar kuɗin kai da kawo. Turmi 42 ya ba ka 63,000. Ita ce mafi ƙarancin riba in kasuwa ta yi kyau, ita ce kuma wadda ba ta da hanyar asara in ba ta sakaci ba. Farashi ya tashi ko ya sauka, lamarin dila ne.

Wahalarta tana wajen ciniki. Ba a sayar da atamfa a Kano ba tare da tayi ba, kuma ba ka da ikon rage kuɗin kayan da ba kai ka yanka musu farashi ba. Hajiya tana tsaye tana cewa 12,500, kai kana neman Alhaji a waya, shi kuma yana masallaci. Maganin wannan shi ne tun farko ya ba ka ƙasan farashi, ya ce kada ka sauka ƙasa da kaza, tsakanin nan ka yi yadda ka ga dama. Akwai kuma zargi. Tunda shi ne yake cin gajiyar farashin sayarwa, zai so ya tabbata ba ka sayar a 14,000 ka ce masa 13,000 ba, don haka wannan tsari yana son rasit na kowane ciniki, kuma ya fi tafiya tsakanin ubangida da tsohon yaronsa da ya sallama, ko 'yan uwa da suka san halin juna.

| | Kuɗi hannu | Bashi | Amana, farashi tsaye | Amana, la'ada |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin turmi | 10,000 | 10,500 | 11,000 | la'ada 1,500 |
| Mai kayan a shago | kai | kai | dila | dila |
| Kwantai | kai | kai | dila | dila |
| Riba in an sayar da 30 | 30,000 | babu | 57,000 | 45,000 |
| Riba in an sayar da 42 | 90,000 | 60,000 | 81,000 | 63,000 |
| Riba in an sayar da 54 | 150,000 | 120,000 | 105,000 | 81,000 |
| Rubutu da ƙirga | kaɗan | kaɗan | duk mako | duk ciniki |
| Abin da yake kashe tsarin | ƙarancin jari | cikar wa'adi | taɓa kuɗin dila | zargi kan farashi |

Me zai sa dila ya yarda?

Yawancin masu zuwa da wannan buƙata suna faɗuwa ne saboda lissafin kansu kaɗai suka yi. Zauna a kujerar Alhaji ka duba. A ce yana cin 400 a kan turmi in ya sayar kuɗi hannu, kuma kaya masu tafiya yana juya kuɗinsu duk mako biyu, domin baƙi suna sauka Kwari daga Nijar da Chadi da Kamaru da sauran jihohi suna ɗauka da yawa. Cikin mako shida kuɗin turmi 60 sun juya sau uku, ya ci 72,000. In kai ya ba wa, 1,400 zai ci sau 42, wato 58,800, sannan turmi 18 su dawo masa sun sha hannu da ƙura. Saboda haka kayan da suke gudu ba zai ba ka amana ba, ko da kai ɗan ɗakinsa ne, kuma bai zalunce ka ba.

Abin da zai iya bayarwa iri biyu ne. Akwai sabon samfuri da ya shigo da shi yana son mata su gan shi a unguwanni. Akwai kuma kayan da suka yi sanyi a Kwari amma ba su mutu a unguwa ba, domin 'yan sari sabon yayi suke bi, ita kuwa dattijuwar da take neman na fita unguwa ba ruwanta da ko zanen ya wata biyar da fitowa. Irin wannan kaya a rumbunsa ba ya kawo masa komai, don haka 58,800 riba ce daga sama. Haɗarin shi ne ya mayar da shagonka juji, ya kwaso abin da ko kyauta ba a so ya cika maka kanta. Shi ya sa sharaɗinka na farko ya zama kai za ka zaɓa da hannunka. In ya ce sai dai ka karɓi abin da yaransa suka haɗa, ka yi godiya ka tashi.

Lokaci ma yana da nasa. Wanda ya je da wannan magana ana saura kwana goma Sallah, ko wurin zama ba zai samu ba. Ka bari sai bayan Babbar Sallah, kasuwa ta lafa, ka je da hantsi kafin baƙi su cika layi.

Kuma kada ka je hannu rabbana. Ka tafi da rasit ɗin sarin da ka yi a wajensa na wata shida ko shekara, da littafin cinikinka, da mutum guda da yake jin nauyinsa wanda zai tsaya maka. Bayan gaisuwa, magana ta fi kyau ta fito da adadi a cikinta:

"Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shekarata biyu ina sari a nan, ga takardun. Yau ma turmi talatin zan ɗauka kuɗi hannu kamar kullum. Alfarmar da nake nema, a ƙara mini ashirin daga waɗancan na sama, su zauna a matsayin kayanka a shagona. Duk Litinin zan turo kuɗin abin da ya fita, bayan mako huɗu in dawo da saura yadda na karɓe su. In ka ga tsarin bai yi maka ba, a nan ya tsaya."

Abin da zai fara tambaya kusan kullum ɗaya ne: "To, in wani abu ya same su fa?" Kada ka amsa da "Allah zai kiyaye" kaɗai. Ka zo da amsarka a shirye.

Ka ga a wannan tayi an haɗa saye da amana, an fara da kaɗan, an sa wa'adi gajere, an bar masa ƙofar fita. Dila ya fi sakin jiki da wanda ya zuba nasa kuɗin a gefe, domin ya san ba za ka bar shagon ya lalace ba. In ya nemi kafin alƙalami, kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin kayan ya zauna a wajensa, ba laifi, amma a rubuta cewa ajiya ce da za a dawo da ita ko a cire ta a lissafin ƙarshe, ba somin biyan kaya ba. In aka bar ta a matsayin somin biya, gobe zai iya cewa ai saye ka yi.

Abin da takarda za ta ƙunsa

Wasu suna jin kunyar neman rubutu wajen babba, kamar rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka ba wanda zai ce ka zo da baƙon abu. Shafi guda ya isa, da Hausa, kwafi biyu, da shaidu biyu.

Jimlar farko ta faɗa ƙarara cewa kayan mallakar dila ne har a sayar, kuma wanda bai fita ba zai karɓe shi. Sai jerin kaya da suna da kala da adadi, a ɗauki hotonsu a tura masa ta WhatsApp ranar da aka karɓa. Sai ranar biya da ranar ƙirga. Bayan waɗannan akwai wurare uku da rigima take fitowa.

Na ɗaya, asara. A ƙa'idar fiƙihu wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka umarce shi. Gobara irin wadda ta cinye Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, ko ambaliya irin wadda ta shiga shagunan Kantin Kwari a watan Agustan 2022, ba laifin mai riƙon kaya ba ne. Amma in ka jibge turame a ƙasa da damina alhali ka san ruwa yana shigowa, ko ka bar shago a buɗe ka tafi ɗaurin aure, ko yaronka ya zare biyu, wannan kai za ka biya. A rubuta misalan nan da sunansu, domin bayan abu ya faru kowa fassarar da ta fi masa sauƙi yake kawowa.

Na biyu, siffar abin da za a mayar. Turmin da aka yanka, ko aka ɓare masa tambari, ko rana ta ci gefensa saboda an rataye shi a bakin ƙofa, dila ba zai karɓa ba kuma yana da gaskiya. Ka ware turmi ɗaya na kowace kala don nuni, sauran su zauna a ledarsu, musamman da hunturu lokacin da ƙura take shiga ko'ina. Wanda ya sha hannu ka lissafa shi cikin wanda ka saya.

Na uku, canjin farashi. Kaya suna shagonka, dala ta motsa, Alhaji ya bugo ya ce turmi ya koma 12,000. Tunda kayansa ne yana da iko, amma daga yaushe? A rubuta cewa sabon farashi yana hawa kan abin da aka ƙirga ya rage ne kawai, wanda aka riga aka sayar yana kan tsohon kuɗi. Haka in farashi ya sauka a Kwari, a sauke maka, in ba haka ba maƙwabcinka da ya saro jiya zai riƙa sayarwa ƙasa da kuɗin da kai za ka biya.

Sai abin da ya fi duk waɗannan kashe tsarin, wanda kuma daga ɓangarenmu masu shago yake zuwa. Kuɗin dila suna shiga aljihu ɗaya da naka. Ranar Alhamis an sayar da turmi biyar, 55,000 na Alhaji ne, sai ga kuɗin makarantar yara, ka ce bari in taɓa kafin Litinin in cike. Litinin ta zo ka turo na uku ka ce uku aka sayar. Daga ranar littafinka ya fara ƙarya, kuma ƙirga ɗaya za ta tona: abin da aka kawo, a cire wanda aka biya da wanda aka mayar, dole ya yi daidai da abin da yake kan kanta. Ka sani kuma nauyin ya fi na bashi. Wanda ya kasa biyan bashi ana bin sa kuɗi ne, amma wanda ya sayar da kayan wani ya kashe kuɗin, ana iya tuhumarsa da cin amana, wanda laifi ne a dokokin hukunta laifuka na Arewa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka tura wa dila kuɗinsa a daren da aka yi cinikin, ko ka buɗe asusu dabam wanda ba ka riƙe katinsa a aljihu. Haka bashin unguwa: matar maƙwabci ta ɗauki anko huɗu sai albashi, a wajen dila an sayar, ranar Litinin daga aljihunka za ka biya. Kayan amana kuma su zauna a kanta tasu dabam, ko don ranar fitar da zakka ka san ba sa cikin dukiyarka, ko don magada su san na wane ne in ta Allah ta kasance.

Wa ya dace da wanne

In kana da jari kuma ka san kayan da unguwarka take ci, irin wanda takwas ko tara cikin goma suke tafiya, saya kuɗi hannu, kada ka ba wa dila naira dubu a kan kowane turmi don tsoron kwantan da ba zai zo ba. In oda ce a hannu, kamar ankon biki na turmi arba'in da aka riga aka karɓi rabin kuɗinsa, ko makon ƙarshe kafin Sallah, bashi na gajeren wa'adi ya wadatar, kuma ya fi amana arha. In shagonka yana tafiya amma kanta rabi ce, ko kana son gwada kaya masu tsada da ba ka taɓa sayarwa ba kamar leshi, nemi amana da farashi a tsaye, ka haɗa ta da sarin da ka saba, ka fara da turmi ashirin na mako huɗu. In yanzu aka sallame ka, kana da shago babu jari, ubangidanka kuma ya san hannunka, la'ada ce taka har ka tara abin da za ka fara saye da kanka. Mai sayarwa daga gida ta waya, wadda take sa hotuna mata suna zaɓa, ita ma la'ada ta fi mata, kuma ba ta ma buƙatar kwaso kaya da yawa: samfuri biyar ko shida a hannu, saura su zauna a Kwari sai an yi oda ta aika a karɓo.

Wanda kuma ya san ba ya iya rubuta ciniki kullum, ko shagon a hannun yara yake shi sai da yamma yake leƙowa, ya tsaya a kuɗi hannu ko da turmi ashirin ne, har ya sami wanda zai riƙe masa littafi.